Har da Barnaba: Darasin Matasa Kan Matsin Tsara a Guruf ɗin WhatsApp

A majami'un da ake sujada da Hausa, daga Jos zuwa Kafanchan, daga Kaltungo zuwa Mubi, da wuya shekara ta fita zumuntar matasa ba ta yi darasi a kan mugayen abokai ba. Tsarinsa kusan ɗaya ne a ko'ina. Malami zai buɗe 1 Korintiyawa 15:33, inda Bulus ya yi kashedi a kan yadda cuɗanya da miyagu ke ɓata tarbiyya. Zai haɗa da Karin Magana 13:20, wadda ta bambanta makomar mai tafiya da masu hikima da ta abokin wawaye, ya rufe da maganar Hausawa cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Tun da waya ta shiga hannun yara aka ƙara wa darasin wutsiya: a guji rawar TikTok, a guji hira da baƙi a Facebook. Matasa su gyaɗa kai, a yi addu'a, a tashi.

Babu ƙarya a cikin wannan darasin. Matsalarsa ita ce yana zana wa matsin tsara fuska guda, ta ɗan wiwi a bakin layi ko ta yaron da ya yi kuɗin damfara dare ɗaya. Yarinyar da ke zaune a benci na uku za ta duba wayarta, ta ga mutanen da ke cikinta 'yan ajinsu ne, da 'ya'yan ƙanwar babarta, da 'yan kwaya. Ba ta ga mugu ko ɗaya ba, don haka sai ta ɗauka da wasu ake. Alhali a cikin waɗannan mutanen ne, ba a wajensu ba, za ta yi abin da zuciyarta ba ta so kafin mako ya zagayo.

Akwai nassin da ya fi dacewa da wannan yarinyar, ga shi kuwa ba a cika karanta wa matasa shi ba. Ayoyi huɗu ne kacal, Galatiyawa 2:11 zuwa 14, kuma a kansu za a iya gina darasin awa ɗaya da zai taɓa abin da ke faruwa a waya da gaske.

Abin da ya faru a Antakiya

Antakiya, wadda yau ake kira Antakya a kudancin Turkiyya, ita ce birnin da aka fara kiran mabiya Almasihu da sunan Kirista, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 11 ta nuna. Ikilisiyar garin gauraye ce, akwai Yahudawa akwai Al'ummai, suna cin abinci tare. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Bayahude mai kiyaye al'ada ba ya zama ya ci da marar kaciya. Bitrus ya zo garin, ya zauna yana ci da kowa. Sai wasu mutane suka iso daga wurin Yakubu a Urushalima. Daga nan Bitrus ya fara janye jiki, yana ware kansa, don tsoron masu ra'ayin kaciya. Sauran Yahudawan ikilisiyar suka bi shi. Bulus ya ce har Barnaba ma abin ya kwashe shi. Da Bulus ya ga haka, ya tsaya ya yi wa Bitrus magana ido da ido, a gaban kowa.

Kafin malami ya ce uffan game da waya, ya kamata ya tsaya ya nuna wa matasa ko wane ne Bitrus a wannan lokacin. Ba sabon tuba ba ne, kuma ba jahilin batun ba ne. Shi ne ya ga wahayi a Yafa, ya shiga gidan Karniliyus, hafsan sojan Roma, a Kaisariya. Da 'yan'uwa a Urushalima suka tuhume shi da cin abinci da marasa kaciya, shi ne ya tsaya ya kare kansa dalla-dalla har suka yi shiru. Duk wannan yana cikin Ayyukan Manzanni sura 10 da 11. Barnaba kuwa shi aka aiko daga Urushalima ya duba aikin Antakiya, ya gani ya yi murna, ya tafi Tarsus ya nemo Bulus, suka yi shekara guda cur suna koyarwa a can. Mutanen da aka juya wa baya almajiransa ne.

Daga nan abubuwa uku suke fitowa, kuma ya fi kyau matasa su tono su da kansu ta hanyar tambaya. Wa ya matsa wa Bitrus? 'Yan'uwa masu bi, masu mutunci, daga babbar ikilisiya. Me suka ce masa? Nassin bai kawo kalmarsu ko ɗaya ba, zuwansu kawai aka ambata. Me Bitrus ya faɗa a kan Al'ummai? Shi ma ba a kawo komai ba. Bai zagi kowa ba, bai yi wa'azin ƙarya ba, wurin zama kawai ya canza. Amma Bulus ya kira abin munafunci, ya kuma ce tamkar tilasta wa Al'ummai ne su bi al'adar Yahudawa, domin idan babba ya tashi daga inda kake zaune, ya gaya maka matsayinka ko da bai buɗe baki ba.

Adalci ne a gaya wa matasa cewa wasu masu sharhi suna ganin Bitrus yana da uzuri. Mai yiwuwa yana gudun kada labari ya koma Urushalima ya jawo wa masu bi na can wahala. Wannan ba ya rage ƙarfin darasin, ƙara masa yake yi. Duk wanda ya taɓa bin yarima ya sha kiɗa yana da dalilin da ya ba kansa, kuma galibi dalilin yana da kamar hankali.

Misalin da za a ɗora a gabansu

Kada malami ya kawo labarin wani yaro na gaske daga cikin ikilisiya, ko da ya sakaya suna, domin yara sun fi shi sanin wanda ake nufi. Gara ya tsara misali, ya faɗa musu cewa misali ne. Ga irin wanda yake aiki.

A ce akwai guruf ɗin WhatsApp na kwayar matasa, mutum 40. Wata yarinya 'yar shekara 15 ta zo daga ƙauye tana zaune wurin gwaggonta don karatu. A sujadar Hausa ta tashi, Turancinta bai nuna ba. Ranar Alhamis wajen koyon waƙa aka ba ta baiti na Turanci, harshenta ya karye a wata kalma. Wani yaro ya ɗauka da waya. Da dare ya yanko daƙiƙa shida ya sa a guruf. Cikin rabin awa mutum 9 sun danna alamar dariya. Wani ya yanko fuskarta daga bidiyon ya yi sitika, ya rubuta kalmar a ƙasa yadda ta faɗe ta. Mutum 3 suka tura wa guruf ɗin makarantarsu. Admin, wanda shi ne mataimakin shugaban matasa, ya sa alamar dariya shi ma, sannan ya rubuta cewa a bari haka nan. Sauran sun gani, ba su ce komai ba. Ita ma yarinyar tana cikin guruf ɗin.

Ranar Asabar wata ta buɗe sabon guruf don shirin fita shaƙatawa, ta sa kowa ban da yarinyar, wai don kada ta ji kunya. Hira ta koma can. Tsohon guruf ya zama wurin sanarwa kawai. Ranar Lahadi yarinyar ba ta hau kwaya ba, ta zauna a baya kusa da gwaggonta.

Tambayar farko da malami zai yi ba ita ce wa ya yi laifi ba. Kowa zai nuna mai ɗaukar bidiyon, magana ta mutu. Tambayar ita ce: a cikin wannan labarin ina Bitrus, ina Barnaba, ina sauran? A nan gardama take tashi, kuma gardamar ce darasin. Wasu za su ce admin ne Bitrus, tunda dariyarsa ce ta halatta wa na ƙasa. Wasu za su ce Barnaba ita ce ƙawar da ta fara jawo yarinyar cikin kwaya, wadda yanzu take cikin sabon guruf ba ta ce komai ba. Ba dole a yi ittifaƙi ba. Abin da ake nema shi ne wani ya lura, ba tare da an gaya masa ba, cewa sabon guruf ɗin nan shi ne wurin cin abincin da aka ware, kuma mafi yawan mutanen labarin ba su yi komai ba illa karɓar gayyata.

Dalilin da shiru yake da nauyi a waya

Matashi zai ce, Malam, ni fa ban tura ba, ban yi dariya ba, gani kawai na yi. A dandali ko a aji wannan magana tana da ɗan ƙarfi, domin mutum na iya cewa bai ji ba. A guruf ba haka ba ne. Wanda ya tura saƙo zai iya danne shi ya shiga Info, ya ga sunan duk wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Ko mutum ya kashe alamar karantawa a saitin wayarsa, wannan ba ya aiki a cikin guruf. Saboda haka mai bidiyon ya san mutum nawa suka gani ba su tanka ba, kuma a wurinsa wannan goyon baya ne. Yarinyar ma tana iya ƙirga waɗanda suka yi dariya da sunayensu, domin danna alamar yana nuna su ɗaya bayan ɗaya. Abin da a da ake tsammani a fuska, yanzu a rubuce yake da adadi.

Adadin nan yana aiki a kan mutum fiye da yadda yake zato. A shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa zaunar da ɗalibai bakwai zuwa tara ya nuna musu kati mai layi ɗaya da wani mai layi uku, ya ce kowa ya faɗi wanda ya yi daidai da na farko a tsayi. Amsar a fili take, ko yaro zai gane. Amma duk mutanen ɗakin an haɗa baki da su sai mutum ɗaya, kuma a zagaye 12 cikin 18 suna ba da amsar kuskure baki ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin waɗanda ake gwadawa sun bi kuskuren jama'a, kuma kusan uku cikin huɗu na mutanen sun bi aƙalla sau ɗaya. Babu wanda ya yi musu barazana, babu wanda ya roƙe su.

Abin da ya fi amfani ga malami shi ne abin da ya biyo baya. Da Asch ya sa mutum ɗaya tak a cikin ɗakin ya riƙa faɗin amsar gaskiya, bin kuskuren ya faɗi zuwa kusan kwatan yadda yake. Ba a bukaci rinjaye ba, murya ɗaya ta wadatar ta karya tunanin cewa kowa ya yarda. Wannan shi ne matsayin Bulus a Antakiya, kuma shi ne gurbin da babu kowa a cikinsa a misalin kwaya.

A 2016 wasu masu bincike a jami'ar UCLA, ƙarƙashin Lauren Sherman, sun gwada irin wannan da hotuna. Sun nuna wa matasa 32 'yan shekara 13 zuwa 18 hotuna a wani shafi mai kama da Instagram, kowane hoto da adadin masu so a ƙarƙashinsa. Adadin nan masu binciken ne suka ƙirƙira. Hoto ɗaya, idan an sa masa adadi mai yawa, matasan sun fi danna masa so fiye da idan an sa masa kaɗan. Mutum 32 ba su da yawa, kuma a Los Angeles aka yi, don haka kada a ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa. Amma ya isa malami ya tambayi aji: wanda ya danna dariya ta tara, bidiyon ne ya ba shi dariya ko takwas ɗin da suka riga shi?

A nan ne Fitowa 23:1 da 2 take shigowa, kuma ayoyi biyu ne da suka dace da waya kamar don ita aka saukar. Ta farko ta hana yaɗa labarin ƙarya, ta biyu ta hana bin yawan jama'a zuwa aikata mugunta. Manyan da ke ɗakin za su tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka tashi mutane tsakar dare a faɗin Nijeriya cewa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha, har aka ba da rahoton mutuwar wasu da kwantar da wasu a asibiti. Wannan saƙon ba daga maƙiyi ya zo wa kowa ba. Uwa ce ta kira ɗanta, yaya ya tura wa ƙanwarsa. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda tun 2019, kuma yana liƙa Forwarded many times a kan wanda ya yi yawo, amma wannan ba ya hana sitikar yarinya ɗaya zagaye makarantu uku kafin gari ya waye.

A fili ko a ɓoye?

Wani mai kaifin kai a aji zai ɗaga hannu ya ce, to Malam, ai Matiyu 18:15 ta ce a fara samun mutum shi kaɗai, don me Bulus ya yi wa Bitrus magana a gaban jama'a? Malamin da wannan tambaya ta zo masa ya yi sa'a, domin ita ce ainihin abin da matashi yake bukatar sani kafin ya taɓa wayarsa: a guruf zan amsa ko ta bayan fage?

Bambancin da za a nuna shi ne wannan. Matiyu 18 tana magana a kan ɗan'uwan da ya yi laifi, da burin a maido shi ba tare da tona masa asiri ba. A Antakiya kuwa abin a bainar jama'a ya faru, yana kuma jan wasu, sannan akwai mutanen da aka ƙasƙantar suna kallo. Da Bulus ya ja Bitrus gefe suka gama a ɗaki, da Al'umman nan sun tashi da tunanin cewa babu wanda ya ga laifin abin. Saboda haka a misalin kwaya ana bukatar duka biyun, kowanne da aikinsa. Magana ɗaya gajeriya a cikin guruf, don yarinyar ta gani, don masu shiru su san ba kowa ya yarda ba. Sauran magana, ta gyara da nasiha, a kai wa mai bidiyon shi kaɗai. Galatiyawa 6:1, a wasiƙar nan dai, ta ce a maido da wanda ya kauce cikin tawali'u, mai gyaran kuma ya kula da kansa. Ba daidai ba ne a karanta sura 2 a tsallake wannan, in ba haka ba za a yaye matasa masu neman wanda za su tsaya wa ido da ido.

Daga nan sai kashi mafi muhimmanci, wanda aka fi tsallakewa saboda lokaci ya ƙure: gwaji. A ware masa minti 20 cikin awar, ko da za a rage wa'azi. A raba matasa uku-uku, a ba kowane rukuni takarda, su rubuta ainihin kalmomin da za su tura a guruf ɗin da dare, bayan dariya ta tara. Sannan a karanta a fili, sauran su faɗi amsar da za a ba shi.

Rubutun farko kusan kullum wa'azi ne. Wani zai jero ayoyi uku ya rufe da kiran tuba. Aji zai fashe da dariya, domin sun san amsar: to Fasto, mun ji. Ko kuma: wasa ne fa, ba ka san wasa ba? Wani rubutun zagi ne, wanda zai mai da guruf filin faɗa, a manta da yarinyar, ko ma a ƙara tallata ta. Da kaɗan-kaɗan za su gano cewa abin da ke tsayawa gajere ne, ba ya kiran sunan kowa, kuma yana neman abu ɗaya takamaimai. Misali: “Don Allah a goge wannan, ai tana cikin guruf ɗin nan.” Ko: “Ni dai bai ba ni dariya ba. Yaya admin, a taimaka a cire.” Ko wanda ya fi sauƙi ga mai kunya, ya rubuta cewa shi ma ranar da ya fara waƙar nan ya kasa kalmar. Idan aka ce masa ba ka san wasa ba, amsa ɗaya ta isa, cewa wasan da wadda aka yi wa ba ta dariya ba wasa ba ne, daga nan ya yi shiru. Ba a cin gardama a guruf, kuma ba cin gardama aka fito yi ba.

Akwai dabarar da binciken Asch ya nuna kai tsaye. Kafin ka rubuta a guruf, ka fara tura wa mutum ɗaya da ka yarda da shi: zan ce a goge, ka mara mini baya. Murya ta farko ita ce mai wuya, ta biyu ita ke hana a mai da ta farko abin tsokana. Yana da kyau kowane matashi ya bar darasin ya san sunan wannan mutum ɗaya a zuciyarsa.

Sai kuma abin da waya za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Mai saƙo yana da kusan kwana biyu ya danna Delete for everyone, admin ma yana da ikon goge saƙon wani ga kowa. Amma abin da aka riga aka tura wani wuri, ko aka adana, ko aka yi sitika da shi, ya fita hannu. Shi ya sa rabin awar farko ta fi kwana biyun da ke biye da ita daraja. Game da sabon guruf, matashi na iya shiga Settings, ya je Privacy, ya zaɓi Groups, ya taƙaita waɗanda za su iya saka shi ba da izininsa ba. Fita ma ta yi sauƙi tun 2022, domin admin kawai ake sanarwa. Sai dai a wannan misalin fita a ɓoye ba ta amfani yarinyar da komai. Wanda ya tambaya a sabon guruf, ya aka yi ban ga wance a nan ba, ya fi wanda ya sulale ya fita yin aiki.

Inda darasin ke lalacewa

Hanya mafi sauri ta kashe shi ita ce a mai da waya abokiyar gaba. Da zarar malami ya fara cewa a zamaninmu babu wannan, ko ya yi barazanar gaya wa iyaye su ƙwace wayoyi, matasa za su rufe baki, kuma ranar da abu mai tsanani ya faru ba za su zo wurinsa ba, don sun san kuɗin zuwan shi ne rasa wayar. Haka nan kiran ikirari a fili, wai duk wanda ya taɓa yin haka ya miƙe. Wannan matsin tsara ne shi ma, an dai sa masa rigar ibada. Za su miƙe don na kusa ya miƙe.

Akwai kuma abin da malami ya kamata ya faɗa da bakinsa, cewa guruf ɗin dattawa da na zumuntar mata ba su tsira daga wannan ba. Matasa suna ganin abin da iyayensu ke turawa ba tare da bincike ba. Nassin da ya nuna manzo yana kasawa ya ba malami damar ya yi wannan magana ba tare da ya zubar da girman kowa ba.

Yawancin guruf ɗin makaranta a Kaduna ko Gombe ko Yola gauraye ne da Musulmi da Kirista, kuma yana da amfani matashi ya san cewa ba shi kaɗai ke da wannan koyarwar ba. Suratul Hujurat, aya ta 6 da ta 11 da ta 12, ta umarci a tantance labari, ta hana izgili da laƙabin cin mutunci da yi da mutum a bayan idonsa. Mutum ɗayan da zai mara masa baya a guruf ɗin aji na iya zama ɗan Islamiyya.

Sannan akwai iyakar da darasi ba ya ƙetarewa. Idan abin da ke yawo hoton tsiraici ne na wanda bai kai shekara 18 ba, ko wani yana karɓar kuɗi da barazanar sakin hoto, ko wanda aka yi wa abin ya fara maganar cutar da kansa, to an wuce batun rubuta jimla mai kyau a guruf. Sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ya haramta yaɗa irin wannan hoton da ma ajiye shi, saboda haka kada matashi ya tura wa kowa da sunan kai ƙara, har da malamin kansa. Abin da zai yi shi ne ya gaya wa babba da baki a ranar. Wajibi ne malami ya ambaci sunan wanda za a samu, mace ga 'yan mata, namiji ga samari, kuma ya faɗa tun farko cewa irin wannan ba sirrin da zai riƙe shi kaɗai ba ne.

Ta yaya za a san ko darasin ya kama? Ba daga yawan masu cewa amin ba, ba kuma daga waɗanda suka sa ayar a sitatus da yamma ba. Bayan mako biyu malami ya dawo da misalin, ya canza abu ɗaya: a ce wannan karon mai bidiyon babban amininka ne, ko kuma yarinyar da aka yi wa dariya ta taɓa yi maka rashin kunya a gaban mutane. Idan jimlolin da suka rubuta a makon farko suka narke, aka koma cewa ai ita ta jawo, to tausayin wata baƙuwa ce kawai suka ji, kuma sai a sake zama a kan Barnaba, wanda abin ya kwashe shi duk da cewa mutanen da aka ware nasa ne. Idan kuwa wani ya ce zai fara kiran aminin nasa a waya ya ba shi minti goma ya goge da kansa kafin ya yi magana a guruf, to an samu ci gaba, kuma mako na gaba za a iya wucewa zuwa tambayar da misalin ya bari a buɗe: wa zai je gidan gwaggon yarinyar, su nawa za su je, kuma wa ya kamata ya fara magana.